Yadda ake cire taron mutane daga hoto ba tare da an kori kowa ba

Shirin yau daga Kanya Babba yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Ɓaɓura, kuma wani kwalbati ne ya jawo shi.

Bayan damina, ruwa ya zaizaye gefen wani kwalbati a hanyar da mutanenmu ke bi kullum. Muna son hoton da za mu haɗa da takardar koke, wanda zai nuna tsagewar simintin ƙarara. To amma wurin ba ya rabuwa da jama'a: 'yan acaɓa, yara masu talla, matan aure za su unguwa, ga masu amalanke. Duk hoton da na ɗauka, ko dai wani ya tare tsagewar, ko kuma fuskar matar wani ta fito a ciki. Ku ma kun san garuruwanmu, ka saka hoton matar mutum a intanet ba da izini ba, ai ka jawo wa kanka zaman sulhu a ƙofar gidan mai unguwa. Kuma ba ni da ikon tsayar da hanya.

Ga abin da na yi. Na kafa wayata wuri ɗaya, na ɗauki hoto 21, tsakanin kowanne da na gaba daƙiƙa 15, wato minti biyar ke nan gaba ɗaya. Daga nan na sa kwamfuta ta haɗa su ta hanyar da manhajoji ke rubutawa Median, ma'ana "ɗauki na tsakiya". Hoton da ya fito, kwalbati ne da hanya fayau.

Ta yaya? Hoto dai ɗigo-ɗigo ne ƙanana, miliyoyi, kuma kowane ɗigo yana da lambar haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Mu ɗauki ɗigo guda a jikin simintin nan, mu duba shi a hoto tara. Sai mu samu 178, 181, 40, 180, 179, 245, 182, 35, 180. Waɗanda ke kusa da 180 simintin ne. 40 da 35, wasu ne masu baƙaƙen kaya suka gifta. 245 kuwa mai farar shadda ne. Yanzu jera su kamar 'yan makaranta a layi, daga ƙarami zuwa babba: 35, 40, 178, 179, 180, 180, 181, 182, 245. Wa ke tsakiya? Na biyar, 180. Siminti. Masu wucewa an tura su bakin layi, babu mai waiwayar su. Haka kwamfuta ke yi wa kowane ɗigo, a ja da kore da shuɗi daban-daban.

Da a ce tarawa aka yi aka raba, kamar yadda malami ke fitar da sakamakon jarrabawa, jimlar 1400 ce, a raba gida tara ya ba da kusan 156. Wannan ba kalar siminti ba ce, ba kuma ta rigar kowa ba. Shi ya sa idan ka yi kuskure ka zaɓi Mean maimakon Median, za ka ga inuwoyin mutane dishi-dishi kamar fatalwa.

Daga wannan lissafin ne sharaɗin aikin ya fito, kuma shi nake so ku riƙe: kowane ɗigo sai ya kasance a buɗe a fiye da rabin hotunan. A hoto 21, aƙalla 11. Ba yawan hotuna ne ke aiki ba, tazarar lokaci ce. Karon farko na danne maɓalli, waya ta ɗauki talatin a cikin 'yan daƙiƙu, ina ta murna. Wata tsohuwa mai tafiya a hankali ta fito a sakamakon, domin a yawancin hotunan tana wuri ɗaya.

Sai kuma wanda ba ya motsi sam. A wurinmu wani mai rake ne, ya kafa baronsa a gefen kwalbatin. A wajen lissafi, shi da baron duk gini ne. Abin ma ya fi muni in mutum yana zaune yana ɗan jujjuyawa: sai ka ga gangar jiki ba kai, ko wani dabbare-dabbare mai kalar rigarsa. Da ka ga irin wannan tabon, ka san wurin ya wuce rabi a rufe. Wannan matsalar ta girmi kakanninmu. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple a birnin Faris. Na'urarsa tana buƙatar mintuna kafin hoto ya kama, don haka kekunan doki da masu tafiya duk suka ɓace, aka bar wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ni dai maganin da na yi mai sauƙi ne: na sayi rake na roƙe shi ya ɗan matsa gaba na minti biyar.

Wajen ɗauka, abu biyu ne ke ɓata aiki. Na farko motsin waya. In ta gusa ko kaɗan, ɗigon da yake siminti a hoto na ɗaya zai zama ƙasa a na biyar, gefunan abubuwa su yi biyu-biyu. In ba ka da abin kafa kyamara mai ƙafa uku, ɗora ta a kan katanga ka tokare da bulo, ka riƙa ɗauka da maɓallin ƙarar sauti na iyafis mai igiya, in wayarka ta yarda, don kada ka taɓa ta. Na biyu haske. Waya tana sauya haske da kanta duk sanda mai farar riga ya shigo. A wayoyi da yawa, in ka danne yatsa a kan allo za ka ga AE/AF Lock, ya kulle ke nan. Kuma kada ka ja aikin ya kai rabin awa, musamman da la'asar, domin inuwa tana tafiya. Ganyen darbejiya da iska ke kaɗawa kuwa zai fito a ɗan dame, wannan sai haƙuri.

Wajen haɗawa, mai Photoshop ya shiga File > Scripts > Statistics, ya zaɓi Median, ya ɗora hotunan, ya kunna Attempt to Automatically Align Source Images don gyara ɗan motsi. Wanda ba shi da shi, akwai ImageMagick, kyauta ne. Ka zuba hotunan a folda ɗaya, ka fara rage girmansu don kada kwamfuta ta shaƙe:

```
mkdir kanana
magick mogrify -path kanana -resize 2000x *.jpg
magick kanana/*.jpg -evaluate-sequence median sakamako.jpg
```

Amma ku lura, wannan umarnin ba ya daidaita motsi, sai wayar ta tsaya cak tun farko.

Saura magana ɗaya, ta mu masu fafutuka. Hoton nan ba a taɓa ganin irinsa da ido ba, babu lokacin da hanyar ta zama wayam. A kan kwalbati ba laifi, tsagewa muke nunawa. Amma a yi wannan a asibiti ko makaranta a ce "ku duba, ba kowa", wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma ranar da aka gano, duk sauran kokenku sun zube. Mu a takardarmu mun rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗin hoto 21 ne, an cire masu wucewa don kare sirrinsu. Na asalin kuma suna nan a ajiye da kwanan watansu, ko da wani jami'i zai ce a nuna masa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.