Birki ya yi ƙasa: iska ce, ganga ce, ko takalmi ne ya ƙare?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ƙauyukan Makoɗa da Kunci, ya san ba hanyar da direba zai miƙe ƙafa ba ce. Gari na bin gari, gona na bin gona. Yanzu amalanken shanu ya fito daga burtali, an jima yara sun tsallaka, can kuma ga ɗan acaba da buhun masara. Ƙafar direba ba ta rabuwa da birki. Ga ƙura da rani, ga taɓo da damina, duk suna shiga ƙafar mota.

To a tasha, da direba ya ce birki ya yi ƙasa, amsar da zai ji ɗaya ce: “A ƙara mai, a yi bilidin.” Maganar da na zo da ita yau ita ce, abubuwa daban-daban ne ke sa birki ya yi ƙasa, kuma ƙafarka za ta iya bambance su kafin a kwance noti ko ɗaya.

Bari mu bi misalin wani direban Golf 3 mai jigilar fasinja ranar kasuwar Dambatta. Irin tasa mai faifai ce a gaba, ganga a baya. Ya zo gareji yana cewa sai ya taka sau biyu motar ke tsayawa, kuma sau biyu ke nan yana ƙara man birki a wata guda.

GWAJIN ƘAFA

Mota na tsaye, inji a kashe. Ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, sannan ka danne, ka riƙe kamar rabin minti.

Idan fedar tana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, mai na zurarewa a wani wuri, ko kuma robobin cikin masta sun mutu. Idan tana da laushi kamar ka taka katifa, iska ce a cikin layin mai, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Idan kuma sai ta yi nisa kafin ta kama, amma in ta kama da tauri take kamawa, to ka zargi gangar baya. Ga yadda za ka tabbatar: ka ja hambirki ƙas biyu ko uku, ka sake takawa. In fedar ta taso sama, takalman baya ne suka yi nesa da ganga. Ko bilidin goma aka yi, ba zai gyara wannan ba.

A motar mutuminmu, da aka ja hambirki fedar ta taso, amma da ɗan laushi. Ke nan matsala biyu ce a haɗe.

GABA: FAD DA FAIFAI

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cinyewar fad ɗin gaba ba ta sa feda ta yi ƙasa. Yayin da fad ke cinyewa, fistin ɗin kalifa yana ƙara fitowa yana bin sa, mai kuma yana cike gurbin da ya bari. Don haka man cikin kofi ne ke sauka a hankali. In ka ga mai ya kusa layin MIN, kafin ka ƙara, ka leƙa fad. Amma saukar da fad ke jawowa ta watanni ce. Ƙari biyu a wata ɗaya yoyo ne.

A ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfe ko katako mai kauri, kada a dogara da jak kaɗai. A cire taya, a duba fad na waje da na ciki. Naman birkin ake aunawa, ban da ƙarfen bayansa. In ya sauka zuwa milimita 3, lokacin canji ya yi. A wannan motar, na waje yana da milimita 6, na ciki 2. Da na waje kawai aka leƙa ta tsakanin rim, sai a ce lafiya lau. Irin wannan bambancin yana nuna kalifa ba ta zamewa a kan sandunanta, ƙura da tsatsa sun riƙe ta. Sai a wanke su, a shafa musu man da aka yi domin birki. Giris na gama-gari yana kumbura roba. Kuma fad ana canza shi hagu da dama tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe ɗaya.

Sai faifai. Kowane faifai yana da iyakar sirancewa, galibi a rubuce a gefensa. Ƙaramin faifan Golf 3 marar ramukan iska yana zuwa da kaurin milimita 12, iyakarsa 10. Kada a auna a baki, domin bakin ba ya cinyewa, tudu yake bari. A auna a tsakiyar inda fad ke gogawa, a wurare uku ko huɗu. Nasa ya ba da 10.6, babu tsagewa, babu zurfin zane, sai aka bar shi. Da ya gaza 10, ko sitiyari na karkarwa in an taka birki a guje, da sai sabo. Faifan da ya sirance yana saurin ɗaukar zafi, kuma mota cike da fasinja da buhuna ita ce ke fallasa shi.

BAYA: GANGA

A cikin ganga akwai takalma biyu masu lanƙwasa, da ɗan fot mai tura su waje in an taka birki, da sifirin masu dawo da su. Duk tazarar da ke tsakanin takalmi da ganga, ƙafarka ce ke biyan ta da nisan feda.

Gangar Golf 3 tana saita kanta da wani ɗan ƙarfe mai siffar weji, wanda sifirin ke jawowa ƙasa yayin da takalmi ke cinyewa. Kafin a zare gangar, ana zura sukundireba ta ramin notin taya a tura wejin sama, takalma su saki. A kula, bayarin ɗin ƙafar yana cikin gangar, kada ya faɗa cikin ƙasa. Ƙurar ciki kuma kada a hure ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu takalman suna ɗauke da sinadarin da ke illa ga huhu.

Da aka buɗe ta hagu, busasshen taɓo ya kame wejin, ya daina sauka. Ga dalilin nisan feda. Da aka buɗe ta dama, aka ɗaga robar bakin fot, sai ga mai. Ga inda man da ake ƙarawa ke tafiya, kuma ta nan iska ke samun shiga. Takalmin da ya sha man birki ba ya wankuwa, ko da fetur ko da wuta. Aka sayo sabon fot da takalma na ƙafa biyu daga Ƙofar Ruwa, aka wanke wejin har yana motsi da kansa. In an haɗa komai, taka birki da ƙarfi ne ke sa wejin ya zauna inda ya dace.

A wasu motocin, kamar Hiace, wani ɗan gare ne mai haƙora ake juyawa ta ramin bayan ganga. Ana juya shi har taya ta fara kamawa, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan sautin goga kawai. In aka matse da yawa, ganga za ta yi zafi, ka ji ƙauri tun ba ka kai Kazaure ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja wayar hambirki don a ɓoye tazarar. A'a, a fara saita takalmi, hambirki ne ƙarshe.

FITAR DA ISKA

Tunda an kwance fot, bilidin ya zama dole. Mutum biyu ake buƙata, da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da kwalba, da sabon mai DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa a kalifa mai zafi, tururi ne zai cika layin, feda ta tafi ƙasa babu sallama. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma shi ya sa man da aka ɗura a gorar ruwa a bakin titi ba abin yarda ba ne. Man inji ko na sitiyari kuwa, ko kaɗan ya shiga, zai lalata robobin birki.

Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A sa tiyo a kan nifil, ɗaya bakin a nutse cikin ɗan mai a kwalba. Na cikin mota ya taka sau uku a hankali, ya riƙe, ya ce “Na riƙe.” Na ƙasa ya buɗe nifil kwatar juyi, mai da kumfa su fita, ya rufe, sannan ya ce “Saki.” In aka saki kafin a rufe, iskar za ta koma. A maimaita har mai ya fito garau babu kumfa.

Abu biyu ke ɓata aikin. Na farko, a bar kofi ya ƙafe. A riƙa leƙawa bayan kowane buɗi huɗu ko biyar, in ba haka ba masta zai zuƙi iska, a koma farko. Na biyu, a tura feda har ƙasa a tsohuwar mota. Robar masta za ta shiga wurin da ba ta saba zuwa ba, inda tsatsa take, ta yage. A sa guntun katako ƙarƙashin feda. In kuma motar tana da ɗan bawul mai hannu kusa da gindin ƙafafun baya, mai rage ƙarfin birki gwargwadon kaya, a danne hannun nasa yayin bilidin ɗin baya, don mai ya samu wucewa.

KAFIN A ƊAUKI FASINJA

A cika kofi zuwa MAX. A taka birki har ya yi tauri kafin mota ta motsa, domin bayan canjin fad takun farko fanko ne. A sake gwajin rabin minti. Da ƙafa a kan feda, a tayar da inji: in ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, busta na aiki. Sannan a gwada a fili, a hankali, a ga ko tana fizga. Sabon fad yana son 'yan kwanaki na taku mai sauƙi kafin ya zauna sosai. Washegari da safe a leƙa bayan tayoyin baya da kofin mai.

Mutuminmu ya zo neman bilidin kawai. Da shi kaɗai aka yi masa, da fedar ta ɗan yi tauri na kwana biyu, fot yana ci gaba da yoyo, fad na ciki yana dab da kaiwa ƙarfe.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi irin motarsa da abin da ƙafarsa ta ji a gwajin rabin minti. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.