Wasiƙar Da Ke Nuna Wa Mai Gyara Inda Ciwon Yake

"Wutar gidan nan ba ta da lafiya." Abin da yawancin 'yan haya ke gaya wa mai gida ke nan ta waya, shi kuma ya ce za a turo yaro ya duba. Daga nan shiru. Maganar baki ba ta barin shaida, kuma ba ta gaya wa mai gyaran wuta inda zai fara.

A ɗauki misalin magidanci mai haya a ciki da falo a Kano. Bireka tana yawan faɗuwa, ana jin ƙauri, wuta kuma tana jan uwargida a jikin firji. Bayan sallama da gaisuwa, sai ya rubuta: "Alhaji, bireka takan faɗi da safe idan an haɗa hita da dutsen guga da rishon lantarki. Soket ɗin kicin yana ƙaurin roba, gefensa ya yi baƙi. Firji na jan mutum, musamman in ƙasa da laima. Ina roƙon a turo mai gyara mai lasisi cikin makon nan."

Kowace jimla a nan cuta ce daban. Ta farko lissafi ne: hita mai wat 3000, dutsen guga mai 1200 da risho mai 1500 sun kai wat 5700. A kan bolt 230, wannan ya kusa amfiya 25, alhali birekar layin ta 16 ce. Faɗuwarta aikinta take yi. Mai gyaran da ya ce a sa babba kawai, ya bar siririyar waya tana dahuwa a cikin bango.

Ƙaurin ya fi tayar da hankali, domin sau da yawa bireka ba ta ma san da shi ba. Idan mahaɗin waya ya yi sako-sako a bayan soket, wurin yakan yi zafi har roba ta narke, ko da wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙima ba. Wannan ba ya jiran amsar Alhaji: a kashe layin daga allon bireka tun kafin a ɗauki biro.

Jan da firji ke yi kuwa alama ce ta wuta na yoyo zuwa jikin ƙarfe, wayar ƙasa kuma ko ta katse ko ba a taɓa sa ta ba. Don haka wasiƙar ta nemi a gwada wayar ƙasa, a kuma sa RCD mai 30 mA, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum.

Wayarin cikin gida ba na KEDCO ba ne, hakkin mai gida ne. Ɗan haya ya sa kwanan wata, ya haɗa hoton soket ɗin, ya riƙe kwafi. In aka yi biris, akwai mai unguwa, akwai kuma hukumar NEMSA mai duba ingancin wayarin.