Janareta ko sola: Lissafin da mai shago zai yi kafin ya yanke shawara

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin kunna janareta ya zama abin da masu ƙananan sana'o'i a Najeriya ke kwana da shi a rai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama.

Duk da haka, idan aka tambayi mai shago nawa injinsa ke ci, yawanci kuɗin man da ya saya yau zai faɗa. Idan kuma aka ambaci sola, farashinta na lokaci ɗaya ne zai faɗo masa a rai, ya ce ba zai iya ba. Waɗannan alƙaluma biyu ba a gwada su da juna, sai an mayar da kowanne zuwa kuɗin shekara guda.

A ɗauki misalin shagon aski a Kano. Yana da askar lantarki biyu, fanka biyu, talabijin, ƙwayaye huɗu da wurin cajin waya, waɗanda gaba ɗaya ke jan wuta kimanin wat 350. Mai shagon yana kunna janareta mai ƙarfin 2.5kVA awa takwas a rana, kwana 26 a wata. Farashin da za a yi aiki da su a nan na misali ne, kowa zai iya sa na unguwarsa.

Abu na farko shi ne sanin man da injin ke sha a awa ɗaya, kuma ba a dogara da abin da aka rubuta a kwali. A cika tanki, a yi aiki kamar kullum na awa huɗu, a sake cikawa da ma'auni, sai a raba litocin da suka shiga gida huɗu. Inji irin wannan mai ɗauke da kaya marasa nauyi yakan sha wajen lita 0.6 a awa. Ke nan kusan lita biyar a rana, lita 130 a wata. A kan naira 1,000 kowace lita, kuɗin mai kaɗai ya kai naira miliyan 1.56 a shekara. Wanda ke saye wajen 'yan bumburutu, nasa ya fi haka.

Sai baƙin mai. Injin da ke aiki awa 208 a wata yana bukatar juye kamar sau biyu, domin masu ƙera irin waɗannan injuna sukan ce a canza bayan awa 50 zuwa 100. Idan kowane juye naira 5,000 ne, an samu naira 120,000 a shekara. Da yawa sukan tsallake wannan, su ga kamar sun yi tattali, har sai injin ya fara baƙin hayaƙi ko shuɗi, yana shan mai fiye da da, daga nan kuma sai wajen makanike. Fulogi, wankin kafireto bayan an sha gurɓataccen mai, igiyar ja, da AVR mai daidaita ƙarfin wuta, a ware musu naira 60,000. Ita AVR idan ta lalace ba ta tafiya ita kaɗai, takan tafi da talabijin ko cajar mutane.

Akwai kuma kuɗin da kusan kowa ke mantawa: injin kansa yana ƙarewa. Idan an saye shi naira 300,000 ya yi shekara biyu a wannan wahala, to yana cin naira 150,000 duk shekara ko da ba a ga fitarsu ba.

Jimilla ta zama naira miliyan 1.89 a shekara, wato kimanin naira 750 a kowace awa. A tsawon shekarar shagon ya yi amfani da wutar da ba ta wuce yunit 875 ba, don haka kowane yunit ya tsaya masa fiye da naira 2,100. Lokacin da hukumar NERC ta ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024, an yi ta ƙorafi. Mai askin nan yana biyan kusan ninki goma na wancan. Dalilin shi ne janareta yana shan mai sosai ko da kayan da aka ɗora masa kaɗan ne, domin dole injin ya ci gaba da juyawa a gudu ɗaya.

A ɓangaren sola, lissafin yana farawa ne daga wutar da ake bukata a rana. Wat 350 sau awa takwas ya ba da yunit 2.8. A ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari saboda asarar da ake yi a waya, inbata da zafin da ke rage ƙarfin faranti, ya zama yunit 3.6. Arewacin Najeriya na samun abin da ya kai awa biyar ko fiye na cikakkiyar rana, saboda haka faranti biyu masu wat 550 kowanne sun isa, har da rarar da za ta rufe hadarin Agusta da hazon hunturu. Ƙurar hunturu tana rage wuta ƙwarai idan ba a goge farantan.

Farantan ba su ne matsala ba, sukan yi shekara 20 zuwa sama. Batir ne ke yanke hukunci. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana ɗaukar yunit 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a ja. Idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum a ɗaki mai zafi, ba lallai ya kai shekara biyu ba, kuma alamar mutuwarsa ita ce ya cika da wuri ya kuma sauka da wuri. Na litiyam ya fi tsada, amma ana iya jan kashi 80 cikin ɗari nasa kuma yana daɗewa sau da yawa fiye da mai ruwa. Sa'ar mai aski ita ce yawancin aikinsa da rana ne, awa uku na bayan magariba kawai batir zai ɗauka, kimanin yunit ɗaya.

A ce faranti biyu, inbata mai 1.5kVA, batirin litiyam mai yunit 2.5, wayoyi da kuɗin aiki sun kama naira miliyan biyu. Bai kamata ya sayar da janaretansa ba, a bar masa naira 200,000 a shekara don ranakun da rana ta ƙi. A kuma ajiye naira 150,000 duk shekara don sauya batir ko inbata nan gaba. Abin da ya rage masa a aljihu ya kai naira miliyan 1.54 a shekara, ke nan kuɗinsa zai dawo cikin wata 16.

Amma wannan sakamako na mai kunna inji awa takwas ne. Magidancin da ke kunna nasa awa biyu kawai da dare yana ƙona lita 438 a shekara, kuma da sabis da gyara duka bai fi naira 550,000 ba. Sola irin waccan za ta ɗauke shi shekara huɗu ko fiye kafin ta biya kanta, kuma duk wutarsa daga batir za ta fito. Idan da bashi mai ruwan kashi 30 cikin ɗari ya saya, ruwan shekarar farko kaɗai naira 600,000 ne, ya zarce abin da yake kashewa a kan janareta. Irin wannan gida ya fi dacewa da ƙaramar sola ta ƙwayaye, fanka mai caji da waya.

Haka nan mai walda, mai injin niƙa ko mai famfon burtsatse ba zai ɗauki alƙaluman mai aski ba. Injuna masu mota suna fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, kuma inbatar da za ta jure hakan da batirinta na iya ninka farashin da aka ambata a sama sau da yawa.