Fushi ne ko takaici? Yadda kiran damuwa da sunanta ke rage mata kaifi

"Raina ne a ɓace." Da wannan jimla ɗaya mutane da dama ke bayyana kusan duk abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, tun daga bashin da aka hana su har zuwa kewar mahaifiya. Sai dai binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa faɗin ainihin sunan abin da ake ji yana rage masa ƙarfi.

A shekarar 2007, Matthew Lieberman da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Wani lokaci a ce su zaɓi sunan mutum da ya dace da fuskar, na mace ko na namiji, wani lokaci kuma kalmar da ta dace da yanayinta. Idan suka zaɓi kalmar yanayin, sai aikin amigdala, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, ya ragu, na wani sashe a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren dama kuma ya ƙaru. Masanan na ganin neman kalmar ne ke tayar da wannan sashe, shi kuma ya taka wa ƙararrawar birki.

Gwajin da ya biyo baya a jami'ar a 2012 ya fi kusa da rayuwar yau da kullum. An tara mutum 88 masu tsoron gizo-gizo, aka sa su tunkari wani ƙato mai suna tarantula. Rukuni ɗaya ya riƙa faɗin tsoron da yake ji ƙarara, na biyu ya riƙa kwantar wa kansa hankali cewa abin ba zai cutar da shi ba, na uku ya yi zancen wani abu daban, na huɗu bai ce uffan ba. Bayan mako guda da aka sake kawo su gaban gizo-gizo, gumin tafin hannun waɗanda suka ambaci tsoronsu ya fi raguwa. Abin mamaki, da aka tambaye su, ba su ce tsoronsu ya fi na sauran sauka ba. Jiki ne ya lafa, su ba su ma lura ba.

A nan Hausa ba ta da talauci. Fushi na tasowa ne idan mutum na ganin an yi masa ba daidai ba, yana son ramawa. Takaici kuwa na zuwa idan abin ya faru amma babu yadda za a yi. Tsoro na abin da ke gaban mutum ne, fargaba ta abin da bai iso ba, zullumi kuma jiran sakamakon da ba a san yadda zai kaya ba. Kowanne da abin da yake nema.

A ɗauki misalin matar da ta ga hotunan bikin ƙawarta a waya, alhali ba a gayyace ta ba. Kalmar farko da za ta zo mata ita ce haushi. Idan ta tsaya nan, tana iya tura saƙon da za ta yi da-na-sani a kansa. Amma idan ta tambayi kanta haushin me, sai ta tarar da abu biyu: kunyar kada a tambaye ta dalilin rashin ganinta, da fargabar cewa zumuncin ya mutu ba ta sani ba. Fargabar kiran waya ɗaya zai iya warware ta, ba sai an yi cacar baki ba.

Atisayen bai wuce minti biyu ba. Mutum ya rubuta kalmar da ta fara zuwa masa, ya nemo biyu makusantanta, ya gwada kowace a jimla guda: "Ina jin kaza saboda kaza." Sannan ya ba ta maki daga 1 zuwa 10. Wadda ta dace takan zo da ɗan sassauci a ƙirji ko kafaɗa.

Inda ake kuskure shi ne a sa hukunci a madadin suna. "An raina ni" zargi ne a kan wani, "ni ba kowa ba ce" hukunci ne a kan kai, duk ba sunan abin da ake ji ba ne, kuma ƙara hura wutar suke yi. Haka ma maimaita labarin a zuci na tsawon awa guda, wannan ya zama saƙe-saƙe. Idan kuma kalmar da ke fitowa kullum ita ce baƙin ciki har mako biyu ko fiye, ga rashin barci da rashin sha'awar abinci, to lamarin ya wuce atisayen kalmomi, sai a ga likita.