Yadda ake shirya tsakar gida don shan ruwan dangi: haske da wurin zama

A gidaje da yawa, in an gayyaci dangi shan ruwa, hankali kan koma kan kunu, ƙosai da dabino. Sai an kusa kiran sallar Magariba ake tuna inda baƙi za su zauna, a shimfiɗa tabarmi a gaggauce a kan simintin da ya yini yana shan rana.

A ɗauki misalin gidan da ke sa ran mutum 20 a tsakar gida mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5. Aikin yana farawa ne bayan La'asar: a share, a yayyafa ruwa don zafin ƙasa ya fita, a bari ya bushe kafin a yi shimfiɗa. In aka taka da ƙafa ba takalmi aka ji ɗumi, to a ƙara yayyafi.

Mai zama a ƙasa yana buƙatar faɗin kamar santimita 60. Ke nan ledar cin abinci mai tsawon mita 3 za ta ɗauki mutum biyar a kowane gefe, guda biyu kuma sun wadatar da mutum 20. A bar hanya ta mita ɗaya a tsakaninsu, don masu kawo abinci kada su riƙa tsallake kwanuka. Dattawa a ba su jikin bango da darduma da matasai na jingina, mai ciwon gwiwa kuma a ajiye masa kujera da ɗan tebur. Yana da kyau a jera tabarmin suna fuskantar alƙibla tun farko, ta yadda da an ɗauke leda sai a tayar da sahu.

Batun haske kuwa, amsar tana jikin kwalin ƙwan lantarki. Wanda aka rubuta wa 6500K fari ne tas, yana kashe ido, kuma ya fi jawo ƙwari. Mai 2700K ko 3000K shi ne mai ruwan ɗorawa, mai taushi. Ƙananan ƙwayaye huɗu a kusurwoyi, sama da mita biyu daga ƙasa, sun fi babba ɗaya a tsakiya. Kada a rataya fitila daidai saman abinci, domin ƙwari za su faɗo cikin kunu. Gwajin mai sauƙi ne: a zauna a tabarma daren jajibirin taron, in inuwar mutum ta rufe kwanon gabansa, sai a matsar da fitilar gefe.

Saboda ɗaukewar wuta, a yi cajin fitilu biyu tun safe. A bi da waya ta jikin bango, nesa da wurin alwala. Kyandir kuma a haƙura da shi, domin tabarmar roba, gefen mayafi da guje-gujen yara ba sa haɗuwa da buɗaɗɗiyar wuta.