Saƙon da ke cewa a daina zuba kulan: gaskiyarsa da ƙaryarsa

Wani saƙon murya ya zagaye 'yan'uwa da abokai a makon nan. Mai maganar ya ce kulan, wato ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireto, an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, don haka mu da muke fama da zafin Sakkwato da Maiduguri asarar kuɗi kawai muke yi. Ya ƙara da cewa ruwa zalla ya fi sanyaya inji. Wanda ya ɗauki wannan murya ya saki, bai tsaya ya tambayi ko mai wankin lagireto ɗaya ba, ya yi wa mutane ɓarna. Waɗanda suka yarda kuwa ban ga laifinsu ba. Kuɗi ya yi wuya, kuma maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Gaskiya ne kulan da aka haɗa rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ba ma gani ko a tsakiyar hunturu. Gaskiya ne kuma ruwa zalla ya fi haɗin kwashe zafi. A nan gaskiyar saƙon ta tsaya.

A ɗauki maganar tafasa. Inji na aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105, ruwa kuwa yana tafasa a 100. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi a ciki. Murfin da aka rubuta wa 1.1 yana kai tafasar ruwa wajen digiri 122, idan kuma da kulan rabi da rabi, ta kusa 129. Ke nan murfi ne ke yin babban aikin, kulan ya ƙara ratar digiri bakwai ko takwas. Ratar nan tana da rana lokacin da mota ta maƙale a cunkoso da azahar a watan Afrilu, ga na'urar sanyaya mota a kunne.

Amma inda saƙon ya fi cutarwa shi ne batun tsatsa, wanda bai ko ambata ba. Cikin inji akwai ƙarfe, akwai alminiyam, ruwan zafi na ratsa su kullum. Magungunan da ke cikin kulan suna lulluɓe waɗannan ƙarafa su hana ruwan cin su, kuma zafi ƙara wa tsatsa sauri yake yi. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma yakan zo da gishirin ƙasa, ya bar farin ɓawo irin wanda ake gani a gindin butar shayi.

Ga yadda abin ke tafiya a motar haya da aka mayar kan ruwan burtsatse. Watannin farko lafiya lau, direba har yana yaba saƙon. Sai ruwan lagireto ya koma ja-ja, ya yi kauri. Tsatsa da ɓawo su toshe siraran bututun lagireto, wani sashe ya yi zafi, wani ya zauna da sanyi. Fukafukan famfon ruwa su cinye, ko bakinsa ya fara ɗiga. Allurar zafi ta riƙa hawa a kan tudu, direba ya riƙa ƙara ruwa kowace safiya, kowane ƙari kuma sabon gishiri ne da sabuwar iska mai ciyar da tsatsa. Ƙarshe inji ya ɗau zafi, gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe. Kuɗin gyaran ya ninka na galan ɗin kulan sau da yawa.

Da safe, inji a sanyaye, buɗe murfin ka duba. Ruwa mai launin ƙasa, farin ɓawo a wuyan lagireto, ko robar murfi da ta tsage, duk alamu ne. Kada ka taɓa buɗewa inji na da zafi, ruwan zai feso ya ƙona ka.

Sauran maganganun da ake yi kan kulan ba su da nauyi. Launi rini ne kawai, ba ya nuna irin kulan, sai ka karanta jikin galan da littafin motarka. Zuba kulan tsantsa ba a sirka ba kuskure ne, don bai kai haɗin kwashe zafi ba. Garin sabulu kuwa ba shi da wurin zama a lagireto.

Idan ruwa ya ƙare maka a hanya, zuba mai tsabta ka isa gida, babu laifi. Bayan nan a wanke, a zuba haɗaɗɗen kulan, ko a sirka tsantsarsa da tataccen ruwa irin na batir. Maganin tsatsar yana ƙarewa, shi ya sa ake sauya tsohon samfuri duk shekara biyu, mai dogon zango kuma wajen shekara biyar. Wanda aka juye a kawar da shi daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne. In saƙon ya iso wayarka, don Allah ya tsaya a nan.