Yadda Ake Kafa Ƙofar da Ba Ta Cijewa

Yawancin ƙofar da ke cijewa, laifin firam ne. Idan ya karkace tun ranar kafawa, duk ferewar da kafinta zai yi wa ƙyauren ɓata katako ce kawai.

Kafin a zuba siminti, a tsayar da firam da ƴan katakai, a ɗora lebur a gefen da za a sa hinji, a duba gaba da gefe. Sannan a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya bambanta, firam bai daidaita ba. A tokare tsakiyarsa da katako mai faɗin ƙofar, don kada siminti ya turo shi ciki.

Wajen rataya ƙyaure, a bar tazarar milimita 3 a sama da gefuna biyu. Wannan ƴar tazara ba sakaci ba ce: katakon da ya bushe da hunturu yana kumbura da damina. Saboda haka a shafe saman ƙyauren da ƙasansa da fenti, domin ta nan laima ke shiga.

Maigida, kafin ka sallami kafinta, buɗe ƙofar rabi ka sake ta. In ta tafi da kanta, firam ya karkace, a gyara.